Yaushe za ka yi ƙiyasi ka faɗi abin da ka ɗauka, yaushe kuma dole ka koma ka tambaya?

*Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Wata takwas ke nan ina aiki a ƙarƙashin wani maigida da ke haɗa batir da inbata a ofisoshi. Idan ya turo mini aiki bayanin bai cika ba na koma na tambaye shi, sai ya ce na cika tambaya. Da na daina, na yi lissafi da abin da na ga ya dace, sai aka samu kuskure, ya ce me ya hana ni tambaya. Yaushe ne ya kamata in yi ƙiyasi in wuce, yaushe ne kuma dole in tsaya?*

Ƙanena, kafin ka ɗauki waya ka kira maigidanka, akwai ɗan aiki na minti biyar da za ka yi a kan takarda, kuma shi zai raba maka gardama a mafi yawan lokuta. Ka ɗauki abin nan da ba a faɗa maka ba, ka ba shi adadi mafi ƙanƙanta da hankali zai ɗauka, ka yi lissafinka. Sannan ka ba shi adadi mafi girma, ka sake lissafin. Idan abin da za ka ba da shawarar a saya bai canza ba tsakanin lissafin biyu, to tambayar ba ta da abin da za ta ƙara maka, ka zaɓi adadi na tsakiya, ka rubuta cewa shi ka ɗauka, ka ci gaba da aikinka. Idan kuwa amsar ta canza, wannan ne wurin da ya cancanci a tsayar da mutum a tambaye shi. Wani malamin Jami'ar Stanford, Ronald Howard, ya yi rubutu a kan wannan tun 1966, inda ya nuna cewa darajar bayani tana rataye ne a kan ko zai iya sauya shawarar da za ka yanke. Bayanin da ba zai sauya komai ba, ko kyauta aka ba ka shi bai ƙare ka da komai ba, balle kuma a ce sai ka jira shi rabin yini.

Bari mu ɗauki irin saƙon da na san kana samu. Da safe maigida ya rubuto: "Ofis ne mai ɗaki uku. Kwamfuta shida, firinta ɗaya, fanka huɗu, fitila goma, ƙaramin firji. Suna son batir da zai riƙe su idan wuta ta ɗauke. Ina son ƙiyasi kafin ƙarfe biyu." Shi ke nan. Shi kuma yana can kan wani aikin, hannunsa a cikin akwatin waya, ba zai duba saƙo ba sai bayan awa biyu ko uku.

Wanda bai saba ba zai ga ramuka ko'ina a cikin wannan saƙo. Wace irin kwamfuta? Firintar mai leza ce ko mai tawada? Fankar sama ce ko ta tsaye? Fitilun wat nawa? Firjin fa? Awa nawa ake so batirin ya riƙe? Tambaya shida ke nan, kuma kowacce tana da hujja. Amma idan ka tura su duka, abin da ka yi shi ne ka mayar wa maigida da aikin da ya ba ka, shi ma kuma yawancinsu bai sani ba, sai ya kira kwastoma, kwastoma ya ce bari ya duba. Ƙarfe biyu za ta yi babu komai a hannun kowa.

To, zauna ka cike ramukan da abin da aka saba gani. Kwamfutar tebur da allonta, ka ce wat 150 kowacce, shida sun ba ka 900. Fankar sama wat 75, huɗu 300. Ƙwan fitila irin na yanzu wat 10, goma 100. Ƙaramin firji yana jan kamar wat 100 idan injinsa na aiki, amma ba ya aiki ba tsayawa, yana tashi yana hutawa, don haka ka ce 40 a tsakaitace. Jimla wat 1,340. Firinta mai leza tana jan kusan wat 500 lokacin da take bugawa, sai dai duka bugun da za a yi a ɗan lokacin ba zai wuce minti 15 ba, wato 125 Wh, ma'aunin da ake samu idan an ninka wat da yawan awa. Ka ce awa huɗu ake so. Inbata tana cinye kusan kashi 10 cikin ɗari a wajen juya wutar, batirin litiyam kuma ba ma son a zuƙe fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da ke cikinsa idan ana so ya yi ƙarko.

```
(1340 × 4) + 125 = 5485 Wh
5485 ÷ (0.9 × 0.8) ≈ 7600 Wh = 7.6 kWh
```

Batirin litiyam da aka fi samu a irin wannan aiki shi ne mai 51.2 V da 100 Ah, wanda ke ɗaukar 5.12 kWh. Guda ɗaya bai isa ba, biyu sun ba ka 10.24. Amsarka ta farko ke nan: batir biyu. Inbata kuma, idan komai ya tashi lokaci guda nauyin zai kai wajen wat 1,900, ga fizgar da firji da firinta ke yi lokacin tashi, don haka mai kilowat 3 za ta ɗauka.

Yanzu sai ka fara girgiza kowane zato ka ga wanda zai kayar da amsar. A ce fitilun wat 20 ne ba 10 ba: lissafi ya tashi zuwa 8.2, batir biyu dai. A ce fankokin tsofaffi ne masu jan wat 90: kusan 8.0, biyu dai. Kai, ka sa duka huɗun su juya maka baya lokaci guda, fitila ta ninka, fanka ta tsufa, firji ya ci ninki biyu, a yi bugu ninki biyu: 8.9 za ka samu, har yanzu biyu. Ka juya su duka ta ɗaya gefen, ƙananan fankoki, ƙananan fitilu, firinta mai tawada: wajen 6.7, wanda ya fi ƙarfin batir ɗaya, saboda haka biyu ne dai. Ka ga tambaya huɗu cikin shida sun faɗi da kansu. Duk amsar da kwastoma zai ba ka a kansu, kayan da za a saya ba za su canza ba.

Sauran biyun kuwa daban suke. Idan kwamfutocin na tafi-da-gidanka ne, masu jan kamar wat 60, nauyin ya sauko zuwa wat 800, lissafi ya koma 4.6, batir ɗaya ya isa. Idan kuma awa takwas suke so ba huɗu ba, da kwamfutocin tebur, za ka kai 15.2, wato batir uku da ƙyar, ni a wurina huɗu. Daga ɗaya zuwa huɗu ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai biya. A nan tambaya take da daraja.

Amma ko waɗannan biyun ba jinsi ɗaya ba ne, kuma ina so ka tsaya a nan sosai. Irin kwamfutar da ke ofishin abu ne da yake nan a zahiri, yana kan tebur, duk wanda ya leƙa zai gani, hoto ɗaya ya kashe maganar. Irin wannan kana iya yi masa kirdado daga alamu, kuma yawan aikin da ka yi yana ƙara maka dacewa. Awa nawa ake so kuwa babu inda yake sai a zuciyar mai ofishin. Ya danganta da yadda wuta ke ɗaukewa a wurinsu, da ko suna da janareta, da abin da aljihunsa zai iya, da irin asarar da yake yi idan aiki ya tsaya. Ƙwarewarka ba za ta kai ka can ba ko ka shekara talatin a sana'ar. Sau da yawa ma shi kansa bai yanke ba, sai ya ga lissafi a gabansa sannan zai san abin da yake so. Shi ya sa idan ka tambaye shi tsurarta, "Awa nawa kake so?", amsar da za ka ji ita ce, "Yini guda mana." Idan kuwa ka nuna masa cewa awa huɗu batir biyu ne, awa takwas huɗu ne, sai ka ji ya yi shiru yana tunani, ya ce ashe huɗun ma ta isa.

Saboda haka ko a nan ba tsayawa za ka yi ka naɗe hannu ba. Za ka tura aikin da tambayar a tare, kafin ƙarfe biyun. Ga yadda ni zan rubuta:

"Maigida, ƙiyasina batir biyu ne masu 5.12 kWh da inbata mai kilowat 3, idan kwamfutocin na tebur ne kuma awa huɗu ake so. Idan na tafi-da-gidanka ne, batir ɗaya ya isa. Idan awa takwas ake so, zai kai huɗu. Ban saka esi ba tun da ba a ambata ba. Idan akwai ko da guda ɗaya, batirin da inbatar duk sai sun canza. Fanka, fitila, firinta da firji na ɗauke su a yadda aka saba, na gwada ba sa canza amsar. A taimaka a tabbatar da waɗancan ukun kafin a sayi komai."

Duba inda na ajiye zaton. Yana cikin jimla ɗaya da adadin, ba a ƙasan shafi ba. Dalilina shi ne adadi yana da ƙafa. Maigida zai karanta "batir biyu", ya kira kwastoma ya ce batir biyu, kwastoma ya faɗa wa akawunsa batir biyu, kafin yamma ya zama gaskiyar da ba mai ja da ita, sharaɗin da ka rubuta a shafi na biyu kuma yana nan kwance ba wanda ya buɗe. Idan "idan" ɗin tana manne da adadin, da wuya a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Ka lura kuma kowane zato na faɗi abin da zai biyo baya in ya karye. "Na ɗauka kwamfutocin na tebur ne" kaɗai ba ya tayar wa kowa da hankali, ido zai bi ta kai ya wuce. "Idan ba haka ba ne, batir ɗaya ya isa" shi ne ke sa mutum ya miƙe ya je ya duba.

Maganar esi kuma ba ka ganta a cikin tambayoyi shidan farko ba, domin ba a rubuta ta a saƙon ba sam. Wannan shi ne irin zaton da ya fi cin mutane: wanda ba ka san kana yi ba. Ka karanta jerin kaya, ka ɗauka jerin ya cika. Alhali mutane sukan manta da esi, da tukunyar dafa ruwa, da injin tura ruwa, domin a ransu ba "kayan ofis" ba ne. Esi ɗaya mai jan wat 1,100 zai ƙara maka kusan 6 kWh a awa huɗu, ya kai ka batir uku, inbata mai kilowat 3 kuma za ta riƙa yankewa duk lokacin da injinsa ya tashi. Don haka bayan ka gama cike ramukan da kake gani, ka tambayi kanka: me na ɗauka babu shi don kawai ba a ambace shi ba? Ka rubuta shi.

Manyan injiniyoyi ma wannan ramin ya ci su. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Wata manhajar da ke ƙasa tana fitar da adadin turin ƙananan injinan kumbon da ma'aunin fam, masu lissafin hanya kuma suna karɓar adadin a matsayin ma'aunin niwton. Tsakanin ma'aunan biyu akwai ninki kusan 4.45. Kumbon ya kusanci duniyar fiye da kima, aka daina jin ɗuriyarsa. Ba wanda ya zauna ya ce bari in yi kirdado. Kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan yana magana da ma'auninsa, kuma adadin yana wucewa daga hannu zuwa hannu tsirara. Mu ma a ƙaramin aikinmu haka take faruwa: wani ya ce "batir mai 200", kai ka ɗauka 200 Ah ne a kan 12 V, shi yana nufin a kan 48 V, ninki huɗu ke nan. Kada adadi ya bar hannunka ba tare da ma'auninsa ba.

Na san an raine mu da cewa matambayi ba ya ɓata, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ban ja da ko ɗaya ba. Amma zaton da ake nufi a can shi ne wanda ka ƙulle a ranka ka yi hukunci da shi. Wanda ka rubuta ka miƙa wa mai abu ya duba, ai tambaya ce, kuma ta fi tambayar tsurarta saurin samun amsa. Mutum ya fi saurin gyara kuskuren da ya gani da ido fiye da ya zauna ya tsara bayani daga farko. Na ga wannan da kaina shekarun baya. An ba ni jerin kayan wani ƙaramin ofis, a ciki akwai firji. Na rubuta a ƙiyasina cewa na ɗauka firjin na ruwan sha ne, don haka za a kashe inbata idan an tashi daga aiki. Ban yi minti goma da turawa ba sai ga kiran matar da ke kula da wurin, muryarta a sama: "Injiniya, wane ruwan sha? Magani ne a ciki!" Ashe allurai suke ajiyewa, irin waɗanda ake so su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, dare da rana. Wannan ya sauya tsarin gaba ɗaya, domin awa 16 na dare firjin kaɗai zai ci wajen 640 Wh, ita inbatar kuma tana cin kusan haka don kawai tana kunne, ga ranakun hutu da ba kowa a wurin. Zatona kuskure ne, amma rubuta shi ya fito da gaskiyar da ban ma san ya kamata in tambaya ba. Da na yi shiru na bar shi a raina, da sai wata safiyar Litinin za a gano, an buɗe firji an tarar da shi da ɗumi.

Tun daga ranar, idan na ga firji a jerin kayan wurin da ya yi kama da na kiwon lafiya, ba na kirdado, kira nake yi. Lissafin girgizawa da na nuna maka yana auna yawan wuta ne kawai. Ba ya auna abin da zai lalace idan wutar ta tsaya. Wannan kai ne za ka tambayi kanka daban: idan zaton nan ya karye, wa zai gani, yaushe zai gani, kuma me ya riga ya salwanta kafin nan?

Wannan tambayar ce ke nuna maka cewa abu ɗaya yana iya halatta da safe ya haramta da yamma. A matakin ƙiyasi, kuskure tawada ce a kan takarda, a goge a sake. Ranar da za a biya kuɗin kaya, kuskuren ya zama batir da aka buɗe kwalinsa, mai sayarwa ba lallai ya karɓa ba. Ranar haɗawa kuwa, kuskure waya ce da ke zafi a cikin bango. Inbata mai kilowat 3 a kan 48 V tana jan kusan amfiya 70 daga batir idan ta cika kaya, kuma tana ƙara ja idan batirin ya yi ƙasa. A ƙiyasi kana iya cewa na ɗauka batir da inbata suna kusa da juna, mita biyu. Ranar aiki kuwa tef za ka ɗauko ka auna, ka duba littafin inbatar ka ga kaurin waya da girman fiyus da ya ce, ka tabbatar fiyus ɗin na wutar batir ne. Waya da ta yi siriri ba ta nuna kanta ranar da ka haɗa. Komai zai tashi lafiya, a yi maka godiya, sai bayan watanni, ranar da aka kunna komai tare, robarta ta fara wari. Duk kuskuren da ba ya bayyana da wuri, ba a yi masa kirdado. Haka nan ko layi yana da wuta ko ba shi da ita: ko maigida ya rantse ya kashe, mitarka za ka sa ka gwada da hannunka.

Akwai kuma abin da ba a taɓa yi wa kirdado ko da ka tabbata amsar "e" ce, shi ne izini. Ko a yanke wutar ofis a tsakiyar aiki, ko a huda bango, ko a canza kayan da aka yi yarjejeniya da wasu, ko a kashe kuɗin wani. Matuƙa jirgin sama sun koyi wannan da jini. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos na tsibirin Tenerife, cikin hazo mai kauri, kyaftin ɗin wani jirgin KLM ya fara gudun tashi yana ɗauka an ba shi izini, alhali wani jirgin Pan Am yana kan titin bai fita ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya fita, kyaftin ya amsa da tabbaci cewa ya fita. Mutum 583 suka rasu. Bayan nan aka tsaurara yadda matuƙi da hasumiyar kula da jirage ke magana, har kalmar tashi aka keɓe ta ga lokacin ba da izinin ko soke shi. Aikinmu bai kai can ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Shi ya sa jimlar nan da ake yawan rubutawa, "idan ban ji daga gare ka ba zan ci gaba", tana da iyaka. Ta dace da zane, da lissafi, da shirya jerin kaya, duk abin da za a iya warwarewa. Ba ta dace da saye ko yanka ko hudawa ba. Shirun maigida yana iya nufin ya yarda, yana kuma iya nufin wayarsa tana cikin mota.

Abu biyu na ga suna ɓata wa masu sabon hannu wannan dabara bayan sun koye ta. Na farko, tsoro yakan sa su ƙara kaya a kan kowane zato. Kwamfuta a ƙara mata kashi 20 cikin ɗari don kada a ji kunya, awa a ƙara mata 20, asarar inbata 20, batir 20. Kowanne a kan kansa ya yi kama da hattara. Amma ba haɗuwa suke yi ba, ninka juna suke: 1.2 sau huɗu a jere ya haura 2. Sai ka wayi gari ka rubuta wa mutum batir huɗu a inda biyu suka isa, wani ya zo da lissafin gaskiya ya karɓe aikin. Ka ɗauki kowane zato a tsakiyarsa, yadda ka fi tsammanin yake, sannan ka ƙara rara sau ɗaya a ƙarshe, ka faɗi nawa ka ƙara. A misalinmu ma ba sai ka ƙara ba, tazarar da ke tsakanin 7.6 da 10.24 ta riga ta ba ka.

Na biyu, sukan jero zato ashirin a ƙarƙashin ƙiyasi. Wannan ba taimakon mai karatu ba ne, garkuwa ce, don gobe a ce ai na rubuta. Ba mai karanta ashirin, kuma ukun da ke da haɗari sun nutse a cikin sha bakwai marasa amfani. Girgizawar da ka yi ita ce ke ba ka ikon tacewa: waɗanda ke kayar da amsa su hau sama, sauran a dunƙule su a layi ɗaya, cikakken lissafin ya zauna a littafinka ga wanda ya nema. Idan kuwa ka girgiza ka tarar biyar ko shida duk suna kayar da amsar, to ba ƙiyasi ne a hannunka ba, shaci-faɗi ne. A nan gaskiya ita ce ka ce wa maigida bayanin bai isa a fitar da adadi ba, a bar ka ka je wurin ka gani da idonka, ko a turo hotunan takardar da ke manne a bayan kowace na'ura.

Ina kyautata zaton abin da ya ɓata wa maigidanka rai a karo na biyu ba kirdadon ba ne, rashin sanin cewa an yi shi ne. Ya ɗauki adadinka ya kai wa kwastoma da bakinsa a matsayin tabbas, aka kunyata shi a gaban mutane. Da ya san wane ɓangare ne ke tsaye a kan zato, da ya san yadda zai faɗe shi. Ka samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ka nuna masa irin saƙon nan na sama, ka tambaye shi adadin da shi yake ɗauka wa fanka, da kwamfuta, da firji, da awa nawa yake sawa idan kwastoma bai faɗa ba. Kowane tsohon hannu yana da su a kansa, bai taɓa rubutawa ba ne kawai. Ka rubuta su a shafin farko na littafinka. Daga nan duk aikin da aka gama, ka koma ka rubuta abin da ka tarar a wurin kusa da abin da ka ɗauka: kwamfuta na ce 150, mita ta nuna kaza, na ce babu esi, na tarar da ɗaya a ofishin shugaba. Bayan aiki goma sha biyar ko ashirin za ka ga wane zato ne kullum yake dacewa, ka daina ɓata lokaci a kansa, da wanda yake yawan karyewa, shi kuma ka mayar da shi tambayar da kake yi tun a kiran farko.